Minti Goma Bayan An Hura Usur: Ɗalibi Mai Asma a Filin Gudu

A makarantunmu da yawa, zango na biyu shi ne zangon gasar wasanni ta gidaje. Da zarar an dawo hutu a watan Janairu, malamin wasanni zai fara fitar da yara fili da sassafe, domin a tace waɗanda za su wakilci jan gida da koren gida a tseren mita 800 da na mita 1,500. Wannan kuwa shi ne tsakiyar hunturu. Iska ta bushe, leɓe yana tsagewa, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe gari tun daga Damagaram har Zariya. Ga yawancin yara, wannan bai wuce sanyi da kaushi ba. Amma ga yaro mai ciwon asma, wanda iyayenmu ke kira fuka, an haɗa masa abubuwa uku da suka fi tayar da ciwonsa a wuri guda: gudu mai tsawo, busasshiyar iska mai sanyi, da ƙura.

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 12, yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Yana da asma tun yana ƙarami, amma ba a taɓa faɗa wa makaranta ba. Ranar Talata da ƙarfe bakwai da rabi aka ce kowa ya zagaya fili sau huɗu. Ya zagaya, har ya zo na shida cikin yara talatin. Malam ya hura usur, ya juya yana rubuta sunaye, yara suka watse neman ruwa. Bayan kamar minti bakwai, yaron yana bayan aji a durƙushe, ya dafa gwiwoyinsa, yana tari busasshe ba ƙaƙƙautawa. Abokinsa ya tambaye shi lafiya, ya ce, “Ƙir... jina... ya... riƙe.” Maganin shaƙarsa yana gida, a kan durowar mahaifiyarsa.

Abin lura a labarin nan shi ne lokacin da ciwon ya bayyana. Bai bayyana a tsakiyar gudu ba, sa’ad da idon kowa ke kan yaron. Ya jira sai da aka tashi, hankalin malam ya koma wani wuri. Haka asmar gudu ta saba yi, kuma duk wani shiri na kare ɗalibi daga nan ya kamata ya fara.

Me ya sa gudu ke tayar da ita?

Idan mutum yana zaune, ta hanci yake numfashi. Hanci kuwa yana ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta isa huhu. Idan aka shiga gudu mai tsawo, jiki yana bukatar iska ninkin-ba-ninkin, hanci ya kasa, sai baki ya buɗe. Daga nan iska takan shiga yadda take, da bushewarta da sanyinta, ta riƙa kwashe danshin da ke shafe a bangon hanyoyin iska na huhu. A ƙirjin mai asma, bangon nan dama a kumbure yake, kuma mai saurin fusata ne. Da ya bushe, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikinsa su saki sinadaran da ke sa naman da ya kewaye hanyar ya tsuke, majina kuma ta ƙaru. Hanyar da iska ke bi ta zama ’yar siririya, kamar tiyon da aka taka.

Yayin da yaro ke cikin gudu, jikinsa yana fitar da sinadaran da ke taimakawa hanyoyin su zauna a buɗe. Idan ya tsaya, wannan taimakon ya janye. Shi ya sa tsukewar takan fi tsanani tsakanin minti biyar zuwa goma sha biyar bayan an daina gudu. Idan mai sauƙi ce, takan saki cikin rabin sa’a zuwa sa’a ɗaya. Idan kuwa yaron dama ciwonsa bai lafa ba, ko yana fama da mura, tana iya zarcewa ta zama abin da zai kai shi gadon asibiti, ko ma ya yi ajalinsa.

Wannan bayanin yana nuna dalilin da ya sa ba duk wasa ne ke tayar da ciwon daidai ba. Tseren mita 100 yakan ƙare kafin hanyoyin iska su bushe. Langa da ’yar gala-gala da wasan raga suna da tsayawa da hutawa a cikinsu. Amma zagayen fili, da tseren ƙetare daji, da ƙwallon ƙafa na minti arba’in ba hutu, su ne ke sa yaro ya yi minti shida ko fiye yana jan iska da baki. A nan ne ake bukatar shiri.

Hana shi gudu ba magani ba ne

Iyaye da yawa, da zarar likita ya ambaci asma, sai su rubuta wa makaranta cewa kada ɗansu ya ƙara shiga wasanni. Suna ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tsoronsu abin fahimta ne, amma yaron da aka zaunar a gindin bishiya shekara da shekaru jikinsa yakan yi laushi, ya riƙa haki da ɗan ƙaramin motsi, kuma ya tashi yana ganin kansa naƙasasshe. Yaron da jikinsa ya saba da motsi yana bukatar iska kaɗan don yin aikin da zai sa wani haki, saboda haka ciwon ba ya saurin kama shi.

Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ya ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000, yana da asma. A 2008 ya ƙi shiga tseren gudun yada-ƙanin-wani a birnin Beijing saboda gurɓatar iskar garin, amma a shekarar nan ya je Berlin ya kafa tarihin duniya a wannan tseren. Darasin da ke cikin labarinsa biyu ne. Asma ba ta hana shi gudu ba, kuma bai raina ta ba: ya san ranar da iska ba ta dace da ƙirjinsa ba, ya janye. Abin da muke so ɗalibi da malaminsa su koya ke nan.

Magani iri biyu ne

Kafin a yi maganar fili, sai an bambanta magungunan shaƙa biyu, domin ruɗa su yana jawo matsala.

Na farko shi ne mai buɗe ƙirji nan take. Sunan maganin salbutamol, kuma yawanci inhelarsa shuɗiya ce. Yana sassauta naman da ya tsuke cikin ’yan mintuna, aikinsa kuma yakan kai kamar sa’a huɗu. Shi ne maganin fili, shi ne na gaggawa. Amma ba ya taɓa kumburin da ke haddasa ciwon.

Na biyu shi ne mai kwantar da kumburi, irin su beklometason da budesonayid, waɗanda ake shaƙa kullum ko da yaro yana jin garau. Ba ya kawo sauƙi nan take, shi ya sa iyaye kan yi watsi da shi su ce ba ya aiki. Alhali shi ne ke sa yaro ya iya zagaya fili ba tare da ƙirjinsa ya kama ba. Tun 2019 ƙa’idojin duniya na kula da asma suka daina amincewa a bar manya da matasa da shuɗiyar inhela kaɗai. Akwai kuma wata inhela da ta haɗa budesonayid da fomoterol, wadda likita kan ba wasu don ta yi aikin biyun. Wanda ke amfani da ita yana da nasa adadin dabam, wanda likita zai rubuta masa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara: ƙwayar salbutamol ta haɗiya da ruwansa na cokali, waɗanda aka saba saye a kemis, ba su ne maganin gaggawa ba. Suna daɗewa kafin su fara aiki, kuma sun fi sa rawar jiki da bugun zuciya. Inhela kuwa ba ta sa jaraba, kuma ba alama ba ce ta cewa ciwo ya kai ƙarshe, kamar yadda wasu ke tsoro.

Gorar ruwa mai ceton rai

Yara da yawa ba su iya daidaita matsa inhela da jan numfashi a lokaci ɗaya, balle a sa’ad da suke cikin firgici. Sai maganin ya ƙare a harshe da maƙogwaro. Maganin wannan shi ne sifesa, wani ɗan bututu da ake sa inhela a gefe ɗaya, yaro ya sa baki a ɗaya gefen. Feshin yakan tsaya a ciki, yaro ya shaƙe shi a hankali da numfashinsa na yau da kullum.

Inda babu sifesa ta saye, gorar roba mai cin rabin lita tana yin aikin. Wannan ba dabarar ƙauye ba ce kawai. Likitar yara Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town sun gwada ta a kan yara masu asma, suka buga sakamakon a 1999, inda suka nuna gorar ta yi aiki kamar sifesar kamfani. Ana huda gindin gorar daidai da girman bakin inhela yadda zai shiga ya zauna daram ba tare da iska tana fita ba. Bakin gorar shi yaro zai kama da leɓensa. A wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma, domin gogewa tana sa maganin ya riƙa manne wa jikin robar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gorar ma tun farkon zango ake fafe ta, a rubuta sunan mai ita, a ajiye tare da inhelarsa.

Kafin a fara gudu

Mu koma ga yaronmu, amma a wannan karon mahaifiyarsa ta zo makaranta a makon farko, ta zauna da malamin wasanni, ta kawo takarda daga asibiti. Yanzu ga yadda safiyar Talata za ta kasance.

Da ƙarfe bakwai da kwata malam ya kira shi gefe, ba a gaban aji ba. “Yaya ƙirjin yau? Ka yi tari da daddare? Akwai mura?” Tambayoyin nan uku sun fi kowane gwaji da malam zai iya yi. Idan tari ya tashe shi cikin dare, ko yana mura, ko ya riga ya shaƙi shuɗiyar inhela da safen nan saboda ƙirji ya riƙe, yau ba ranar zagayen fili ba ce. Sai a ba shi riƙon agogo ko rubuta sakamako, ko ya yi tafiya da miƙe jiki. Yaron ya ce, “Lafiya lau na kwana, Malam.”

Takardarsa ta ce ya shaƙi feshi biyu na salbutamol minti goma sha biyar kafin gudu mai tsawo. Ya shaƙa ta gorarsa. Wannan zai kare shi na sa’a biyu zuwa huɗu. Sai dai ba kowane yaro ne ake rubuta wa haka ba, kuma idan ana yi kullum-kullum kariyar takan ragu. Yaron da ba ya iya motsi sai da shuɗiyar inhela kowace rana, maganinsa na kullum ne ke bukatar gyara.

Sai ɗumama jiki na minti goma zuwa goma sha biyar. A fara da tafiya da sassarfa, sannan a yi gajerun gudu masu ƙarfi na kamar daƙiƙa talatin, ana hutawa minti ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Wannan yana da dalili. Ga masu asma da yawa, ɗumama jiki irin wannan yana sa hanyoyin iska su yi kamar sa’a biyu ba su saurin tsukewa. Ba kowa ke samun wannan kariyar ba, saboda haka ba ta maye gurbin magani, amma kyauta ce kuma dukan aji na amfana.

Sai a dubi filin kansa. Idan masu shara sun tayar da ƙura, a jira ta kwanta ko a yayyafa ruwa. Idan ana ƙona bola a bayan katanga, a canza gefe. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen fili sosai, a ɗage gudun juriya ga kowa. Idan jadawali zai yarda, hantsi ya fi sassafe a lokacin hunturu, domin sanyin ya ragu. A bar yaro ya rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri ko takunkumi yayin ɗumama jiki, domin yana riƙe ɗumi da danshin numfashi.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka: inhela da gora suna bakin fili, a jakar da malam ke gani. Ba a ofishin shugaban makaranta a kulle ba, ba a ɗakin kwana ba, ba kuma a kan dutse cikin rana ba, domin zafi yana ɓata ta. Yaro ɗan sakandare yana iya riƙe tasa a aljihu.

Yadda ake bambanta haki da asma

Duk wanda ya zagaya fili sau huɗu zai yi haki. Hakin gajiya yana raguwa da zarar an tsaya, cikin minti biyu zuwa biyar yaro ya dawo yana surutu. Asma kuwa ƙaruwa take yi bayan an tsaya. Wannan ne ma’auni mafi sauƙi: yaron da bayan minti biyar numfashinsa ya fi na ɗazu wahala, ba gajiya ke damunsa ba.

Alamomin farko su ne tari busasshe mai maimaituwa, da ƙara kamar fito ko kukan kyanwa lokacin fitar da numfashi, da jin an ɗaure ƙirji. Ƙananan yara kan ce cikinsu ke ciwo. Wani yaron ba zai ce komai ba, sai dai a ga ya rage gudu ba dalili, ya yi shiru, yana shafa ƙirji. Yara suna ɓoyewa saboda kada a ce musu raggwaye, ko kada a cire su daga tawagar gidansu. Kuma ba kowane mai asma ne ke fito ba, wani tari kaɗai yake yi.

Alamomin haɗari kuwa su ne waɗannan. Yaro ya kasa ƙarasa jimla da numfashi ɗaya, yana yanka magana kalma-kalma. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Numfashinsa ya wuce sau 30 a minti duk da ya huta. Leɓe da harshe da dasashi sun koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. A fatarmu ba a ganin wannan a fuska, sai an duba cikin baki. Ya galabaita, ko ya ruɗe, ko barci yana fizgarsa. Akwai kuma alamar da ke yaudarar mutane: yaron da ɗazu ƙirjinsa ke fito, yanzu ya yi tsit alhali yana ta fama. Ba sauƙi ya samu ba. Iskar da ke wucewa ce ta yi ƙarancin da ba ta iya yin ƙara. Wannan yaron yana bakin mutuwa.

Ba duk wahalar numfashi a fili ce asma ba. Yaron da ya suma yana cikin gudu, ko ya ce ƙirjinsa na suka, ko mai sikila da ya kama ciwon ƙirji, ko wanda fuskarsa da leɓensa suka kumbura bayan cizon ƙudan zuma, asibiti za a nufa da shi kai tsaye.

Idan ciwon ya tashi

A ce duk da shirin nan, minti bakwai bayan usur yaronmu ya fara tari. Wannan karon malam bai sallami aji ba. Ya sa su tafiya a hankali na minti biyar don jiki ya huce, kuma ya riƙe masu asma a kusa da shi har kwata ɗin sa’a ta cika. Saboda haka ya gani da wuri.

Mataki na farko, a tsayar da yaro a zaunar da shi a miƙe, ya ɗan karkata gaba, a inuwa nesa da ƙura. Kada a kwantar da shi. A kori taron yara, a sassauta masa wuyan riga. Kada a tura shi ofis ko ɗakin magani da ƙafarsa, magani ne zai zo inda yake. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Malam ya yi magana a natse: “Ina nan tare da kai, ɗana. Ga maganinka, ja a hankali.” Firgici yana ƙara saurin numfashi, natsuwar babba kuma tana saukar da shi.

Mataki na biyu, a girgiza inhela, a sa ta a gora, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa. A matsa sau ɗaya tak, ya ja numfashi ya fitar sau huɗu ko biyar a cikin gorar. A sake girgizawa, a sake matsawa sau ɗaya. Kada a matsa biyu ko uku a haɗe. Malam ya dubi agogo: 8:05, feshi biyu. Idan bayan ’yan mintuna tari ya lafa, yaro yana magana cikakkiya, an shawo kanta. Ya huta, kada ya koma gudun juriya ranar, kuma a sanar da gida.

Mataki na uku, idan feshi biyu ba su yi ba, a ci gaba da feshi ɗaya bayan kowace daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa feshi goma. Wani ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Hannun yaro zai iya rawa, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Wannan aikin maganin ne, zai wuce, kuma ba dalilin tsayawa ba ne. Haɗarin ƙarancin magani a wannan lokaci ya fi na yawansa nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu, idan an kai goma bai samu sauƙi ba, ko an ga ɗaya daga alamomin haɗari a kowane lokaci, ko babu inhela kwata-kwata, asibiti nan take. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma inda motar asibiti ba za ta zo da wuri ba, a ɗauki motar da ke kusa ko a-daidaita-sahu. Yaro ya tafi a zaune, babba na riƙe da shi, inhela da gora a hannu. Idan minti goma sun wuce ba a isa ba kuma bai farfaɗo ba, a sake zagayen feshi goma. A kira iyaye a hanya su tarar da shi can. Kada a tsaya jiran su zo su ba da izini.

Ko da yaro ya warware bayan feshi goma, likita ya gan shi a ranar. Haka nan idan ya sake bukatar inhela kafin sa’a huɗu su cika, domin alama ce cewa ciwon bai saki ba.

Abubuwan da aka saba yi don taimako amma suke cin lokaci: kwara masa ruwan sanyi, ɗura masa ruwa ko zuma yana haki, shafa masa man zafi a hanci, turara masa hayaƙi, ba shi maganin tari. Addu’a kuwa ana yin ta hannu yana kan inhela. Idan a watan azumi ne, malamai sun saɓa a kan ko inhela tana karya azumi, amma ba su saɓa a kan cewa ceton rai yana gaba ba. A faɗa wa ɗalibai manya wannan tun kafin watan ya kama, domin kada wani ya ƙi shaƙa yana shiɗewa.

Takardar shafi ɗaya

Duk matakan nan ba za a tuna su daidai a cikin ruɗani ba sai an rubuta. Takardar kowane ɗalibi shafi ɗaya ce, likita ko ma’aikacin jinya ya cike ta tare da iyaye. Tana ɗauke da sunan yaro da ajinsa, abubuwan da ke tayar masa da ciwo, alamominsa na farko kamar yadda uwarsa ta san su, sunan magungunansa da adadinsu, ko yana shaƙa kafin gudu, lambobin waya biyu, da asibitin da za a nufa. A kasa ta uku kamar fitilar kan titi. Kore: lafiya lau, ya yi gudu. Rawaya: tari ko riƙewar ƙirji, ya tsaya ya shaƙa. Ja: alamar haɗari, feshi goma da asibiti. Idan abin da likita ya rubuta ya bambanta da adadin da aka ambata a nan, nasa za a bi.

Makaranta kuma ta amsa tambayoyi uku tun ba a shiga uku ba. Motar wa za a ɗauka? Wa zai riƙe sauran yara idan malam ya tafi? Wane asibiti mafi kusa ne yake da iskar oksijin? Kofi ɗaya na takardar ya zauna a jakar fili, ɗaya a ofis, ɗaya wurin mai kula da ɗakin kwana. Shugabannin ɗalibai ma a sanar da su cewa horon zagayen fili da tsallen kwaɗo ba na mai asma ba ne.

Inhela ita ma tana bukatar duba. Gwangwani ɗaya yakan ɗauki feshi 200, kuma yana ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare. Saboda haka jin ƙararsa ba shaida ba ce. A rubuta ranar da aka fara amfani da shi, a riƙa lissafi, a duba ranar lalacewarsa a farkon kowane zango.

A ƙarshe, malam ya riƙe ɗan littafi. Duk ranar da yaro ya bukaci inhela a fili, a rubuta rana da lokaci da adadin feshi. Idan ya zama fiye da sau biyu a mako, ban da wanda yake shaƙa kafin gudu, littafin nan ya bi uwar zuwa asibiti. Sau da yawa malamin wasanni ne mutum na farko da zai gane ciwon yaro bai lafa ba, domin shi ne ke ganin ƙirjin yana aiki da iyakar ƙarfinsa.

Yaronmu, da takardarsa da gorarsa da maganinsa na kullum, zai iya tsayawa a layin mita 1,500 ranar gasa, gidansu na kiran sunansa. Abin da yake bukata daga malaminsa shi ne, idan ya tsallake layin ƙarshe aka hura usur, kowa ya ruga wajen wanda ya zo na ɗaya, malam ya bar idonsa a kansa na wasu minti goma sha biyar.